Yadda Ake Gabatar da Sakamakon Aikin da Bai Yi Nasara Ba ga Masu Ɗaukar Nauyinsa

Idan aiki ya gaza, tambayar da ta fi damun wanda ya ba da kuɗin ita ce: shin dabarar ce ba ta da amfani tun asali, ko kuwa dabarar na da kyau amma ba a aiwatar da ita yadda ya kamata ba? Amsar ce za ta nuna masa ko ya sake zuba kuɗi a irin wannan hanya, ko ya janye gaba ɗaya, ko ya gyara wani sashe ya sake gwadawa. Yawancin rahotannin ƙarshe ba sa amsa wannan tambaya. Sukan cika shafuka da yawan tarurrukan da aka yi da yawan mutanen da aka horar, sai can wajen ƙarshe a ɗan ambaci "ƙalubalen da aka fuskanta". Wannan jagora na kan yadda za ku gano inda aikin ya karye, ku faɗe shi a sarari, ku kuma ba mai tallafi abin da zai yanke shawara a kansa.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Misalin ƙirƙirarre ne, haka ma alƙalumansa, an tsara su ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce wata ƙungiya ta karɓi tallafi na shekara guda domin tura wa iyaye mata saƙon tes na tunatarwa kan rigakafin jarirai. Allurar da aka sa a gaba ita ce wadda ake yi sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma matsalar da aka sani ita ce yara da yawa kan karɓi ta farko amma ba sa kaiwa ta uku. An zaɓi cibiyoyin lafiya 20. A guda 10 ana tura saƙo, a sauran 10 ba a turawa, don a samu abin kwatantawa. Alkawarin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne, yaran da ke kammala allura ta uku za su ƙaru daga kashi 60 cikin ɗari zuwa kashi 75. Da shekara ta ƙare, cibiyoyin da aka tura saƙo sun kai kashi 63, waɗanda ba a tura ba kuma kashi 62.

Sanar da su kafin rahoto ya isa

Matakin farko ba rubutu ba ne. Ku ɗauko yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ku sake karanta ta, musamman sashen da ya yi magana kan rahoto, canjin tsarin aiki, da kuɗin da ba a kashe ba. Yarjejeniyoyi da yawa na wajabta sanar da mai tallafi da zarar an ga ba za a cim ma burin ba, ko idan za a ɗauke kuɗi daga wani sashe na kasafi zuwa wani. Idan akwai irin wannan sharaɗi kuma lokacinsa ya wuce, to wannan ma ya shiga cikin abin da za ku faɗa.

Daga nan sai shugaban aikin ya kira jami'in da ke kula da tallafin a ɓangaren masu ba da kuɗi. Kira gajere ya isa: ba mu kai burin ba, ga alƙaluman farko, cikakken rahoto na zuwa ranar kaza. Dalilin wannan kira shi ne, jami'in ma yana da shugabanni da zai yi wa bayani, kuma sau da yawa shi ne ya tsaya wa aikinku lokacin da ake tantance masu neman tallafi. Idan ya fara jin labarin a gaban kwamitinsa, kun bar shi ba shi da amsa, kuma zai daɗe bai manta ba. A wannan kiran kada ku fara jera dalilai, domin ba ku gama bincike ba, kuma duk dalilin da kuka furta da wuri zai zame muku abin karewa ko da bayanai sun nuna akasinsa daga baya.

Ku tsaya kan ma'aunin da aka yi alkawari da shi

Kafin a fara nazari, ku rufe bayanan. Ma'ana, ku ajiye kwafi guda na rajistar cibiyoyin da bayanan saƙonnin da aka tura, ku sa masa kwanan wata, kowa ya yi aiki da shi. Duk gyaran da aka yi bayan haka, kamar cire sunan da aka rubuta sau biyu, a rubuta shi a gefe tare da dalilinsa.

Sannan ku auna sakamakon da ma'aunin da ke cikin takardar neman tallafi, ba da wani sabo ba. A nan ne jarabawa mafi girma take. A misalinmu, cikin mata 2,000 da aka yi wa rajista a cibiyoyin saƙo, 1,200 ne saƙon ya shiga wayar da suka bayar. A cikin waɗannan, 864 sun kammala allurar, wato kashi 72. A cikin 800 da saƙon bai kai musu ba, 396 ne suka kammala, kusan kashi 50. Wani a cikin ma'aikata zai ce, ai ga nasara nan, waɗanda suka samu saƙo sun kusa kai kashi 75 da aka yi alkawari, mu sa wannan a shafin farko.

Kada ku yarda. Macen da ke da lambar waya mai aiki ta bambanta da wadda ba ta da ita tun kafin a tura ko saƙo guda. Mai yiwuwa gidansu ya fi samun abin hannu, ko ya fi kusa da cibiyar, ko ta yi karatu. Hanyar gwada wannan tana hannunku: ku duba cibiyoyi 10 da ba a tura saƙo ba, ku ware matan da suka ba da lamba mai aiki. Idan a can ma kashi 71 suka kammala ba tare da wani saƙo ba, to kashi 72 ɗinku ba aikin saƙo ba ne, aikin bambancin da ke tsakanin gidajen ne. Wannan lissafi ya cancanci shiga rahoto, amma a matsayin gargaɗi: ga adadin da ka iya ruɗar mai karatu, ga kuma dalilin da ya sa bai nuna nasara ba. Mai tallafin da ya san aikinsa zai yi wannan tambaya ko kun kawo ta ko ba ku kawo ba, kuma gara ya tarar kun riga shi.

Haka ma tashin da aka samu daga 60 zuwa 63. Da babu cibiyoyin kwatanci, da an iya cewa aikin ya ƙara maki 3. Amma tunda waɗanda ba a taɓa ba sun tashi zuwa 62, abin da za a iya jingina wa aikin bai wuce maki 1 ba, kuma da cibiyoyi 10 kacal a kowane ɓangare, tazarar maki 1 na iya fitowa bisa sa'a kawai. Jimlar da za ta shiga rahoto ita ce: ba mu ga bambancin da za a dogara da shi ba tsakanin ɓangarorin biyu, kuma mun yi nisa ƙwarai da ƙarin maki 15 da muka yi alkawari.

Neman inda sarƙar ta tsinke

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata ku ɓata mafi yawan lokacinku. Kowane shiri yana da jerin abubuwan da dole su faru ɗaya bayan ɗaya kafin a samu sakamako. Ku rubuta su a jere, ku sa adadi a gaban kowanne. Ga aikin saƙon, jerin zai kasance haka: a yi wa uwa rajista, ta ba da lamba, saƙo ya shiga wayar, ita kanta ta ji abin da saƙon ya ce, ta fahimci ranar, ta samu damar zuwa, ta tarar da allura da ma'aikaci a cibiyar.

Yanzu a sa alƙaluma. An yi wa 2,000 rajista. Guda 1,700 suka ba da lamba. Bayanan kamfanin tura saƙo sun nuna ya shiga wayoyi 1,200, sauran 500 lambobi ne da aka rubuta ba daidai ba ko layukan da suka daina aiki. Da aka bi mata 300 daga cikin 1,200 ɗin aka tambaye su baki da baki, rabi ne kawai suka ce saƙon ya iso kunnensu, domin sauran wayar ta wani ce a gidan, ko kuma ba sa iya karanta rubutun. Idan aka ɗauki wannan rabi a matsayin ƙiyasi, mata wajen 600 ne cikin 2,000 suka samu tunatarwar da gaske, wato kashi 30. Sannan rajistar cibiyoyin ta nuna cewa a rana 1 cikin kowace rana 4 ta rigakafi, allurar ta ƙare ko ba a kawo ta ba.

Da wannan jeri a gabanku, amsar tambayar farko ta fara fitowa. Ba za ku iya cewa tunatarwa ba ta da amfani ba, tunda kashi 70 na matan ba su same ta ba. Dabarar ba ta samu gwaji na gaskiya ba. Amma kuma ba za ku iya fakewa da cewa matsalar aiwatarwa ce kawai ba, domin zaton cewa kowace uwa na da wayar kanta kuma tana karanta saƙo yana cikin tsarin aikin tun ranar da aka rubuta shi. Wannan kuskuren tsari ne, kuma na ƙungiyar ne. Ƙarewar allura kuma wani abu ne na uku, wanda ba ya hannun ƙungiyar, sai dai ana iya tambaya ko an bincika shi kafin a fara.

Akwai wata alama da bai kamata a tsallake ba ko da ba ta yi daɗi ba. Idan rabin masu waya mai aiki sun ji saƙon, kuma saƙon na da ƙarfi sosai, da an ga tazara mai kauri tsakanin masu waya a cibiyoyin saƙo da masu waya a cibiyoyin kwatanci. An samu 72 da 71. Wannan na nuna cewa ko a wurin da saƙon ya isa, tasirinsa bai yi yawa ba, wataƙila domin mantuwa ba ita ce babbar abin da ke hana zuwa ba. Rahoton gaskiya zai faɗi wannan, ya kuma ƙara da cewa ba a tsara aikin don auna wannan tambaya kai tsaye ba, saboda haka alama ce, ba hujja ba.

Irin wannan rarrabewa ta faru a zahiri. Ƙungiyar Evidence Action ta gudanar da shirin No Lean Season a Bangladesh, inda ake ba talakawan karkara ɗan tallafin tafiya birni neman aiki a lokacin da aikin gona ya yi ƙaranci. Ƙaramin gwajin da aka yi a 2008 ya nuna sakamako mai kyau, amma da aka faɗaɗa shirin, binciken 2017 bai nuna ya ƙara yawan masu tafiya ba. Ƙungiyar ta fito fili ta bayyana sakamakon, ta tattauna ko matsalar daga yadda aka raba tallafin take, kuma a 2019 ta rufe shirin, tana mai ambaton raunin hujjar da kuma zargin ba daidai ba a harkar kuɗi da ya shafi abokiyar aikinta a can. Abin koyi a nan shi ne yadda aka ware dalilan, aka faɗi kowanne da sunansa.

Wajen tattara wannan bayani, kada ku dogara da shugabannin ofis kaɗai. Ma'aikatan da suka yi rajista a cibiyoyi sun san tun watannin farko cewa mata na ba da lambar maƙwabta. Ku zauna da su ba tare da shugabansu na kai tsaye ba, ku yi tambayoyi huɗun da rundunar sojin Amurka ta shahara da su wajen bitar aiki bayan kammala shi: me aka yi niyyar ya faru, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za a yi dabam nan gaba. Ku bayyana musu tun farko cewa ba sunan kowa ake nema ba. Idan suka ji ƙamshin neman mai laifi, za su ba ku amsar da za ta kare su, ba wadda za ta amfane ku ba.

Raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato

Kowace magana a rahoton ta faɗa cikin ɗayan gida uku, kuma mai karatu ya gane gidan da take. Akwai abin da bayanai suka tabbatar, kamar cewa saƙo ya shiga wayoyi 1,200. Akwai abin da aka ƙiyasta daga samfuri, kamar mata 600 da ake jin sun ji saƙon, wanda ya dogara da amsar mutum 300 da kuma tunawarsu. Akwai kuma abin da aikin bai auna ba, kamar ko saƙon murya zai fi na rubutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki na uku a rubuta shi da muryar na farko: "da an yi amfani da saƙon murya, da an yi nasara." Ba wanda ya gwada hakan. Abin da za ku iya cewa shi ne, saƙon murya zai magance matsalar karatu, amma ba zai magance ta wayar da ba ta hannun uwa ba, balle ta ƙarewar allura.

Ku lura kuma da yadda kuke gina jimla. "An samu tsaiko wajen tantance lambobi" jimla ce da ba ta da mai aikatawa. "Ba mu tantance lambobin a lokacin rajista ba, duk da cewa kiran gwaji na minti guda zai nuna wadda ba ta aiki" ita ce ke nuna kun gane abin da ya faru. Inda shawarar ta ƙungiya ce, ku ce "mu". Inda ta fi ƙarfinku, ku faɗi haka tare da shaida. Inda kuma mai tallafin da kansa yana da hannu, misali kuɗin zango na biyu sun makara da wata biyu har aka dakatar da tura saƙo, ku rubuta kwanan watan da aka sa ran kuɗin da wanda suka iso da abin da ya tsaya a tsakani, ba tare da ƙorafi ba. Ɓoye wannan don gudun ɓata musu rai na hana su gyara nasu tsarin.

Abu mafi wuyar rubutawa shi ne jadawalin lokaci: yaushe kuka fara ganin alamar matsala, kuma me kuka yi. A ce a wata na 4 bayanan kamfanin saƙo sun nuna kusan kashi 30 na lambobin ba sa karɓa, amma ba a kai maganar ga shugabanni ba sai wata na 7, ba a sanar da mai tallafi ba sai wata na 9, kuma rahoton tsakiyar shekara ya ce komai na tafiya daidai domin ya ƙidaya saƙonnin da aka tura ne, ba waɗanda suka isa ba. Wannan dole ya fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma tsohon rahoton yana nan a ajiye a ofishinsu, za su iya ɗauko shi su kwatanta. Ku ambace shi da kanku, ku ce adadin da muka kawo a lokacin gaskiya ne amma ba shi ne ya kamata mu auna ba.

Kuɗi

A nan a taƙaita, a kuma daidaita. Jadawali guda ya isa: abin da aka ware wa kowane sashe, abin da aka kashe, bambancin, da dalili a layi ɗaya idan bambancin ya yi yawa. Idan saura kashi 12 na kuɗin ba a kashe ba, ku faɗa, ku tambayi abin da za a yi da su bisa yarjejeniya. Kada a yi gaggawar kashe su a watan ƙarshe don kasafi ya rufe daidai, masu binciken kuɗi sun san wannan alama sarai. Idan kuma akwai zargin almundahana, to wannan ba "darasi" ba ne da za a cusa a tsakiyar rahoto. Yana da hanyarsa dabam: a sanar nan take ta hanyar da yarjejeniya ta tanada, a bar bincike ya yi aikinsa, rahoton kuma ya nuna cewa an yi hakan.

Darasin da za a iya aiki da shi

"Mun koyi muhimmancin tuntuɓar al'umma" ba darasi ba ne, domin an san haka kafin a fara, kuma bai gaya wa kowa abin da zai yi gobe ba. Darasi na gaske yana da sassa uku: zaton da aka yi, abin da ya rushe shi, da ƙa'idar da za a bi nan gaba wadda wani zai iya dubawa ya ga an bi ko ba a bi ba.

Ga yadda na misalinmu zai kasance. Mun zaci lambar da uwa ta bayar tata ce. Tambayar mata 300 ta nuna rabinsu ba su ji saƙon ba. Daga yanzu, kafin a fara duk wani aiki da ya dogara da waya, za a gwada da mutum 100 na tsawon wata guda, a kira kowace lamba a gaban mai ita lokacin rajista, a tambayi wa ke riƙe wayar da rana, kuma idan waɗanda saƙon ya kai kunnensu ba su kai adadin da aka amince da shi tun farko ba, ba za a faɗaɗa ba. Na biyu: rahoton wata-wata zai ƙidaya saƙon da ya isa, ba wanda aka tura ba, kuma za a ayyana iyakar da idan aka faɗi ƙasa da ita, dole a sanar da shugaban aiki da mai tallafi cikin mako biyu. Na uku: kafin a ƙarfafa wa mutane zuwa cibiya, a duba rajistar kayan cibiyar ta watanni shida da suka wuce, domin uwar da ta yi tafiya ta tarar babu allura ba lallai ta dawo ba.

Uku ko huɗu sun isa. Idan darussan suka kai goma sha biyar, mai karatu ba zai san wanne ne ya kashe aikin ba. Ku jera su bisa nauyinsu, ku kuma ware wanda ya shafi ƙungiyarku kaɗai daga wanda zai amfani duk wanda mai tallafin zai ba kuɗi a irin wannan fanni. Wannan kashi na biyu shi ne ainihin abin da kuɗinsu ya saya. Ƙungiyar Engineers Without Borders ta Kanada ta yi shekaru tana fitar da rahoton gazawarta a bainar jama'a saboda wannan dalili, don kada wasu su sake biyan kuɗin kuskure iri ɗaya.

Shafin farko

Da yawa daga masu yanke shawara shafin farko kaɗai za su karanta, don haka ku rubuta shi a ƙarshe, ku sa komai mai nauyi a cikinsa. Ga yadda sakin layin buɗewa zai iya zama:

"Aikin bai cim ma burinsa ba. Mun yi alkawarin ɗaga yawan yaran da ke kammala allura ta uku daga kashi 60 zuwa 75. An samu kashi 63 a cibiyoyin da muka tura saƙo, da kashi 62 a waɗanda ba mu tura ba, kuma wannan tazara ba ta isa a dogara da ita ba. Babban dalili shi ne, bisa ƙiyasinmu, kashi 30 kacal na iyayen ne tunatarwar ta kai musu, saboda mun tsara aikin a kan zaton da ba mu gwada ba. Mun ga alamar haka a wata na 4, ba mu sanar da ku ba sai wata na 9. Ba mu ba da shawarar a faɗaɗa aikin a yadda yake ba."

Bayan wannan sai hoton jadawali guda da ke nuna sarƙar, daga 2,000 zuwa 1,700 zuwa 1,200 zuwa wajen 600. Idan za ku zana tsayin sanduna don kwatanta 63 da 62, ku fara ma'aunin daga sifili, ku kuma ja layi a kan 75. Farawa daga 60 zai sa maki guda ya yi kama da tsauni. Abubuwan da suka tafi daidai, kamar rajistar da aka gyara a cibiyoyi ko ma'aikatan da aka horar, suna da wuri a rahoton, amma bayan babban sakamako, kuma gwargwadon girmansu. Idan mai tallafin na amfani da ma'aunai shida na tantance ayyuka da kwamitin raya ƙasashe na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasashe, ya fitar, waɗanda aka sabunta a 2019, ku cike su yadda ya buƙata, sai dai kada su kori wannan sakin layi daga saman shafi.

Labaran mutane da hotunansu kuma a yi hattara. Labarin uwa guda da saƙo ya taimaka mata na iya zama gaskiya, amma idan aka sa shi a gaba zai rinjayi alƙaluman dubban mata. Idan za a kawo labari, a kawo wanda ke bayyana inda sarƙar ta tsinke, a cire suna da duk abin da zai sa a gane mai shi, haka ma ƙananan ma'aikatan da suka faɗi gaskiya a zaman bita.

Ranar zama

Ku aika rahoton aƙalla mako guda kafin zaman. Wanda ya jagoranci aikin shi zai yi magana, kada a tura ƙaramin ma'aikaci ya sha tambayoyi. A zo da mai kula da bayanai da mai kula da kuɗi, domin amsa ta fito daga bakin wanda ya sani. Idan awa guda aka ba ku, jawabinku kada ya wuce minti 15: sakamako a minti biyun farko, sannan sarƙar, sannan darussa, sannan zaɓuɓɓuka. Sauran lokacin nasu ne.

Tambayoyi uku kusan ba sa kuskurewa, ku shirya musu. Me ya sa ba ku faɗa da wuri ba? Ku nuna jadawalin lokacin da kuma ƙa'idar mako biyu da kuka kafa. Shin ba a iya hango wannan ba? A misalinmu amsar ita ce ana iyawa, gwajin wata guda zai nuna shi. Me ya sa za mu sake amincewa da ku? Wannan ba a amsa ta da alkawari, sai da abin da kuka riga kuka canza, kamar sabuwar takardar rajista mai gurbin kiran gwaji. Idan aka yi tambayar da amsarta ba ta hannunku, ku faɗi ranar da za ku turo ta a rubuce, ku kuma cika.

Ku kawo zaɓi a gabansu tare da abin da kowanne zai ci da abin da zai bayyana. Na ɗaya, a rufe aikin, a mayar da ragowar kuɗi, a raba abin da aka gano ga masu irin wannan aiki. Na biyu, a yi amfani da ragowar a yi ƙaramin gwaji na wata uku a cibiyoyi biyu da ba sa fama da ƙarewar allura, da lambobin da aka tantance da saƙon murya, a kuma rubuta tun yanzu adadin da idan ba a kai shi ba za a tsaya. Na uku, a bar batun saƙo, a koma kan matsalar kawo allura, wanda wataƙila wata ƙungiya ce ta fi dacewa da shi, ba ku ba. Ku faɗi wanda kuka fi gamsuwa da shi da dalilinku, ko da shi ne wanda ba zai kawo muku sabon tallafi ba. Neman sabon kuɗi mai yawa a wannan zama kuskure ne, domin zai sa duk abin da kuka faɗa a baya ya yi kama da share fage.

Cikin kwana biyu bayan zaman, ku aika taƙaitaccen rubutu na abin da aka amince a kai, wa zai yi me, kuma zuwa yaushe. A ciki ku nemi izininsu a rubuce kan abin da za a iya bayyana wa jama'a, sannan ku sa ranar komawa cibiyoyi 20 ɗin ku gaya wa ma'aikatan lafiya da wakilan iyaye abin da aka gano, tare da sanar da su ranar da saƙonnin za su daina zuwa, domin matan da suka saba jiran tunatarwa su koma duba ranar da ke rubuce a katin yaransu.